Yadda za ka auna tsawonka safe da yamma ka ga aikin faya-fayan ƙashin baya

Idan ka auna tsawonka da zarar ka tashi daga barci, sannan ka sake aunawa da dare kafin ka kwanta, awon biyu ba za su zo ɗaya ba. Na safe zai fi na dare da santimita 1 zuwa 2 ga babban mutum mai lafiya, wato kusan kashi 1 cikin 100 na tsawonsa. Ba tef ɗin ba ne ya lalace, ba kuma idonka ba ne ya yaudare ka. An daɗe da lura da wannan, domin tun a 1724 wani limamin coci a Ingila mai suna Joseph Wasse ya rubuta cewa ya auna mutane ya tarar sun fi tsawo da safe. Abin da ya fi burge ni shi ne mutum zai iya ganin abin a jikinsa da bango da fensir da littafi kawai. Sai dai akwai sharaɗi: santimita ɗaya da rabi ƙaramin abu ne, kuma kuskuren awo kaɗai yana iya kai wannan. Saboda haka rabin wannan jagorar a kan yadda za a yi awon ne ba tare da an ruɗi kai ba.

Me ke raguwa a jikin

Ƙashi ba ya raguwa tsakanin safe da yamma. Abin da ke canjawa yana tsakanin ƙasusuwan ne. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora ɗaya kan ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sai na can ƙasa da suka manne da juna suka zama kamar ƙashi guda. Tsakanin ƙasusuwan da ke motsi akwai wani faifai na guringuntsi mai aikin matashi, kuma faya-fayan nan 23 ne. Ba 24 ba ne, domin tsakanin ƙasusuwa biyu na farko a wuya babu faifai. Wata irin gaɓa ce a wurin, wadda ke ba kai damar juyawa hagu da dama. In aka haɗa kaurin faya-fayan duka, sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon ƙashin bayan da ke motsi. Na ƙugu su suka fi kauri, kusan santimita 1 kowanne, kuma su suka fi ɗaukar nauyi.

Kowane faifai kashi biyu ne. A tsakiya akwai wani abu mai laushi da danƙo, wanda yawancinsa ruwa ne, kusan kashi 80 cikin 100 a jikin mai ƙuruciya. Kewaye da shi akwai zobba masu tauri na zaruruwa, ninki-ninki kamar ɓawon albasa, kowane ninki zaruruwansa sun karkata saɓanin na kusa da shi, don kada tsakiyar ta fashe ta fita idan an danne ta. Sama da ƙasa kuma akwai siririn guringuntsi da ya raba faifan da ƙashi, mai ƙananan kafofi da ruwa ke iya ratsawa a hankali.

Tsakiyar faifan cike take da wasu sinadarai masu janyo ruwa, kamar yadda gishiri ke janyo danshi. Kullum suna jan ruwa ciki. A ɗaya ɓangaren kuma, nauyin jiki da jan tsokoki suna matse faifan suna korar ruwan waje. Kaurin faifai a kowane lokaci ya dogara ne da wanda ya rinjayi wani a wannan ja-in-ja. Kana tsaye ko zaune, matsi ya rinjaya, ruwa na tsiyayewa kaɗan-kaɗan, faifan na faɗawa. Ka kwanta, matsin ya sauka, sinadaran su sake zuƙo ruwan da suka rasa. An ma auna matsin kai tsaye: a wani bincike da wani masani a Jamus mai suna Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa suka wallafa a 1999, sun saka ƙaramar na'ura cikin faifan ƙugun wani mai sa kai, suka ga matsin tsayuwa ya ninka na kwanciya rigingine kusan sau biyar.

Mutane kan kwatanta faifan da soso, kuma kwatancen ya yi daidai zuwa wani wuri. Inda ya gaza shi ne saurin abin. Soso ka matse shi, nan take ruwan ya fita. Faifai kuwa sa'o'i yake ɗauka, saboda kafofin ƙanana ne ƙwarai. Kuma yayin da ruwa ke raguwa, sinadaran na ƙara kauri, ƙarfin jansu na ƙaruwa, har a kai inda ja da matsi suka yi kunnen doki. Wannan ne ya sa ba ka ci gaba da gajarta ba iyaka ko da ka kwana a tsaye. Riƙe wannan bayanin, domin za ka gan shi a lambobin da za ka samu.

Shirya wurin awo

Nemi bango miƙaƙƙe mai santsi, wanda ba shi da tudu a gindinsa da zai hana dugaduganka kaiwa jikinsa. Jikin ƙofa a rufe ma yana yi, idan ba ta girgiza. Ƙasan wurin ya zama mai tauri. Kada ka tsaya a kan darduma ko kafet, domin suna lotsawa, kuma lotsawar ba ta zama iri ɗaya kullum; milimita 3 ko 4 na iya ɓacewa a nan.

Manna farar takarda a bangon daidai inda kanka zai kai, ka manne kusurwoyinta huɗu don kada ta motsa. A kanta za ka riƙa yin alama. Sai ka samo littafi mai bango mai tauri ko ƙaramin akwati mai kusurwa daidai. Wannan shi ne kayan aikin da ya fi muhimmanci. Yawancin masu auna kansu suna ɗora tafin hannu ko rula a kwance a kai, su ja layi a inda ta taɓa bango. Rular na karkata sama ko ƙasa ba tare da an sani ba, kuma ƙaramar karkata tana ba da kuskuren santimita guda cur. Littafi kuwa idan ka jingina gefensa ɗaya ya kwanta lif a jikin bango, ɗaya gefen da ke saukowa kan kai dole ya zama a miƙe. Fensirin ya zama an fiƙe shi sosai, don layin ya fito siriri.

Abu na ƙarshe: yi alama a ƙasa inda ƙafafunka za su riƙa tsayawa. In da hali, samu wanda zai riƙa yi maka awon, kuma ya zama mutum ɗaya ne kullum. Mai ɗaga hannu ya auna kansa da kansa yana ɗaga kafaɗa ya karkatar da wuya, sai awon ya gurɓace.

Tsayuwar da za ka maimaita

Cire takalmi da safa da hula ko ɗankwali. Idan akwai kitso mai tudu ko an ɗaure gashi a tsakiyar kai, to ko dai a kwance shi, ko a tabbata yana nan yadda yake a duk ranakun awon. Haɗa dugadugai, ka jingina su da bango, haka ma ɗuwawu da kafaɗu. Gwiwoyi a miƙe, hannuwa a sake a gefe, nauyi ya rabu daidai kan ƙafa biyu.

Wajen daidaita kai ne ake yawan kuskure. Duk wanda aka ce ya miƙe, sai ya ɗaga haɓa, yana zaton hakan zai ƙara masa tsawo, alhali ɗaga haɓa na saukar da tsakiyar kai ne. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce ƙasan ramin ido da saman kafar kunne su zama a layi ɗaya miƙaƙƙe. A sauƙaƙe, ka duba gaba sak, haɓa ta ɗan koma ciki. Ƙeya ba dole ta taɓa bango ba. Ga wasu, tilasta ta taɓa shi ne ke karkatar da kan. Dabara mai amfani ita ce ka zaɓi wani ɗigo a bangon da ke fuskantarka daidai tsayin ido, ka riƙa kallonsa duk lokacin awo.

Daga nan ja numfashi, ka riƙe, ka miƙe iya miƙewarka ba tare da ɗaga dugadugai ba. Mai awon ya sauko da littafin har ya danne gashi ya taɓa ƙoƙon kai, ya riƙe shi a wurin, kai ka zame ka fita, sannan ya ja layi a ƙasan littafin. Miƙewa iya ƙarfi tana da dalili. Da yamma mutum ya gaji, kafaɗu sun faɗo, baya ya ɗan ranƙwafa. In ka tsaya yadda ka ga dama, gajiyar tsoka za ka auna, ba faya-fayai ba.

Kowane awo ka yi shi sau uku, kana barin bangon kana dawowa tsakani. Idan layukan uku sun taru cikin milimita 3, ɗauki na tsakiya. Idan sun watsu fiye da milimita 5, tsayuwarka ba ta daidaita ba tukuna, ko littafin na karkata. Gara ka ɓata kwana ɗaya kana gwaji da yamma har hannu ya faɗa, kafin ka fara awon gaske.

Lokutan awo

Awo na farko shi ne mai wahala, kuma shi ne mai daraja. Ka yi shi cikin minti 5 da sauka daga gado, bayan barcin aƙalla sa'a 7. Kada ka ce bari in yi wanka in karya kumallo tukuna. Raguwar ta fi gudu a farkon rana: kusan rabin abin da za ka rasa a yini yana tafiya ne cikin sa'ar farko bayan tashi. Wanda ya yi awonsa na safe bayan sa'a ɗaya da rabi yana kai-kawo, zai ga ɗan bambanci kaɗan ya ce zancen ƙarya ne, alhali shi ya makara. Zama a kan gado ana latsa waya ma tashi ne a wajen faya-fayai, tunda baya ya riga ya ɗauki nauyi.

Awo na biyu, bayan sa'a 1 da tashi. Na uku, bayan sa'a 4 ko 5. Na huɗu, da dare kafin kwanciya. Sharaɗin na uku da na huɗu shi ne kada ka kasance ka kishingiɗa ko ka yi barcin rana cikin sa'o'i biyu kafin su, domin kwanciyar minti 20 ma tana mayar da 'yan milimitoci. Rubuta lokaci kusa da kowane layi. Yi haka kwana uku a jere, kowace rana da sabon wuri a takardar. Kwana ɗaya na iya zama dace. Kwana uku masu kama da juna ba dace ba ne.

Tef ba ya shigowa sai a ƙarshe. Auna daga ƙasa zuwa layi ɗaya, tef a miƙe a jikin bango, sauran kuma ka auna tazararsu da wannan layin da ƙaramar rula. Tazarar ce abin nema, kuma rula ta fi tef iya nuna milimita.

Misali da lambobi

A ce wani mutum mai shekara 30, mai aikin zama da ɗan zirga-zirga, ya bi waɗannan matakan. Ya tashi ƙarfe 6 na safe, awonsa ya nuna santimita 173.4. Ƙarfe 7 ya koma 172.6. Ƙarfe 11 ya zama 172.1. Ƙarfe 10 na dare, 171.8.

Bambancin yini gaba ɗaya shi ne 173.4 a cire 171.8, wato santimita 1.6 ko milimita 16. A raba 1.6 da 173.4, sai a samu kusan kashi 0.9 cikin 100, wanda ya yi daidai da abin da ake tsammani. Yanzu dubi yadda raguwar ta kasu: milimita 8 a sa'ar farko, milimita 5 a sa'o'i huɗun da suka biyo, sannan milimita 3 kacal a sa'o'i goma sha ɗayan da suka rage. Ga ja-in-jar nan da aka yi bayani a baya ta fito a takarda. Da safe faifan ya ƙoshi da ruwa, yana saki da sauri. Da rana ta yi nisa sinadaran sun riƙe abin da ya rage gam. Wannan siffar ita ce shaidar cewa awonka na gaskiya ne. Idan lambobinka suna hawa suna sauka ba tsari, misali na rana ya fi na safe, to matsalar daga awon take.

In ka raba milimita 16 ɗin nan ga faya-fayai 23, kowanne bai kai milimita 1 ba, kusan 0.7. Ba daidai suke rabawa ba, na ƙugu sun fi na wuya sakin ruwa, amma lissafin na nuna ƙanƙantar abin da ke faruwa a kowace gaɓa. Taruwarsu ce ta sa ake gani. Guringuntsin gwiwa da na kwatangwalo da tafin ƙafa su ma suna ɗan lotsawa, sai dai rabonsu kaɗan ne. Kana iya gwada wannan ma: zauna a kan benci mai tauri, baya a jikin bango, a auna daga benci zuwa kai safe da dare. Za ka tarar mafi yawan bambancin yana nan ko da an cire ƙafafu daga lissafi.

Wanda ke son ƙarin gwaji, bayan awon dare ya kwanta rigingine a ƙasa minti 20, ƙafafu a ɗore kan kujera, gwiwa a lanƙwashe, sannan ya tashi a auna shi nan take. Zai ga wani abu ya dawo, ko da bai kai na safe ba. Dawowar ma haka take, tana gudu a farko ta lafa daga baya, shi ya sa rabin farko na barcin dare ke mayar da mafi yawan tsawon.

Idan lambarka ta bambanta

Matashi yakan ga bambanci mai yawa, tsoho kuma kaɗan. Da shekaru, sinadaran da ke janyo ruwa na raguwa, faifan na bushewa yana tauri, saboda haka ba shi da ruwa mai yawa da zai saki ko ya zuƙa. Dogon mutum ya fi gajere yawan milimitoci. Ranar da ka ɗauki kaya masu nauyi, ko ka yi gudu, ko ka daɗe zaune a mota mai jijjiga, raguwar kan yi sauri. Ranar da ka yini a kwance kuwa ba za ka ga komai sosai ba.

'Yan sama jannati su ne iyakar wannan gwaji. A sararin samaniya babu nauyin da ke danne ƙashin baya, sai faya-fayai su cika, lanƙwasar bayan ma ta ɗan miƙe, tsawon mutum ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, wato har santimita 5 ga wasu. Da yawansu kan yi fama da ciwon baya a kwanakin farko. Suna dawowa duniya kuma ƙarin ya zube cikin ɗan lokaci. A nan ne amsar masu tambaya ko rataya a ƙarfe ko miƙe jiki na ƙara tsawo: yana ƙara 'yan milimitoci na ɗan lokaci, ta wannan hanyar ta ruwa, sannan su tafi da zarar an ci gaba da tafiya. Ƙashi bai ƙaru ba.

Shiga da fitar ruwan ba lahani ba ne. Tsakiyar faifan babban mutum ba ta da jijiyoyin jini. Abinci da iskar da ƙwayoyinta ke buƙata suna ratsowa ne a hankali daga ƙasusuwan da ke sama da ƙasa da ita. Faifai mai cika da dare ya saki da rana faifai ne mai aiki yadda ya kamata.

Inda wannan ke da amfani

Na farko, wajen lura da girman yaro. Yaron da ke makarantar firamare yana ƙaruwa kusan santimita 5 zuwa 6 a shekara, wato kusan santimita 1.5 a wata uku. Idan aka auna shi da sassafe, bayan wata uku aka sake aunawa da yamma, bambancin safe da yamma na iya cinye yawancin girman da ya yi, iyaye su tayar da hankali a banza. A juya lokutan kuma, sai a ga kamar ya yi tsalle. Maganin shi ne a tsayar da lokaci ɗaya, kuma ya fi kyau ya zama bayan rana ta yi, lokacin da raguwar ta lafa, tunda a sannan jinkirin sa'a ɗaya ba ya canja komai sosai. A rubuta lokacin tare da lambar.

Na biyu, sunkuyo da sassafe. Faifan da ya cika da ruwa a kumbure yake, zobbansa a ɗaure tamau, bayan kuma ba ya lanƙwasuwa da sauƙi. Kana iya jin haka da kanka: taɓa yatsun ƙafa ya fi wuya da asuba fiye da la'asar. Sunkuyo sosai a wannan lokaci, musamman da kaya a hannu, yana ɗora wa zobban ja fiye da yadda zai ɗora da rana. Mai fama da ciwon ƙugu gara ya jinkirta ɗaukar abu mai nauyi daga ƙasa zuwa bayan sa'a ɗaya ko biyu da tashi, ya fara da ɗan tattaki. Idan ba makawa, ya durƙusa da gwiwa, kayan a kusa da jiki.

Na uku, rarrabe raguwar da ke dawowa da wadda ba ta dawowa. Ta yini tana dawowa kowace safiya. Amma idan mutum ya manyanta, ya ga awonsa na lokaci ɗaya, da hanya ɗaya, ya ragu da santimita 2 cikin 'yan shekaru, ko ya gaza tsawon ƙuruciyarsa da santimita 4 ko fiye, wannan ba ruwan faifai na yau da gobe ba ne. Yana iya zama ƙasusuwan bayan ne suka yi rauni har wani ya lotsa, abin da kan faru ba tare da zafi mai tsanani ba, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada da masu shan magungunan rage kumburi na sitiroid na dogon lokaci. Irin wannan na buƙatar ganin likita, a ɗauki hoton bayan, a auna ƙarfin ƙashi. Haka nan ciwon baya da ke sauka ƙafa tare da rashin ƙarfin ƙafar ko dindiris, ko kasa riƙe fitsari: wannan ba a jiran awon gobe, asibiti ake tafiya a ranar. In kana da takardar nan ta bango da kwanan wata da lokaci a jikin kowane layi, tafi da ita.